Warin da esin mota ke bugowa da shi idan an kunna: yadda na wanke ifaporeta na sauya filta

Motar da na yi aikin a kanta Toyota Corolla ce ƙirar 2010, ta hannu, mai sitiyari a hagu. Ciwonta irin wanda kowace mota mai esi za ta iya kamuwa da shi ne. Da an tayar da ita an murɗa fanka, sai wani wari mai tsami ya bugo daga ramukan iska, warin danshi da funfuna. Bayan kamar minti ɗaya sai ya lafa, sanyi ya kankama, a manta da shi. Idan kuma aka kashe maɓallin A/C aka bar fanka tana juyawa, kafin minti biyu sai ya dawo, har ya fi na farko ƙarfi. Wannan zuwa da komawa shi ya nuna min inda zan dosa tun kafin in ɗauki sukundireba.

A bayan dashbod akwai wani akwatin roba, a cikinsa kuma akwai ifaporeta. Siffarta ta ƙaramin lagireto ce, an yi ta da alminiyam, da siraran fikafikai a jere kusa da kusa. Gas ɗin esi yana ratsa cikinta yana sanyaya ta har jikinta ya sauko zuwa digiri biyu ko huɗu, fanka kuma tana turo iska ta tsakanin fikafikan. Duk danshin da ke cikin wannan iska sai ya zama ruwa a jikin ƙarfen, kamar yadda kofin silba yake gumi idan an zuba masa ruwan ƙanƙara. Ruwan yana gangarawa gindin akwatin, ya bi wani ɗan tiyo ya ɗiga a ƙarƙashin mota. Har nan babu laifi, haka aka tsara abin.

Laifin yana shigowa ne tare da ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana cika fikafikan da ƙura mai laushi, ga ɓurɓushin ganye, ga gashi da zaren tufafi. A lokacin iska a bushe take, ifaporeta ba ta cika yin gumi ba, saboda haka ƙurar tana zaune shiru ba ta wari. Da damina ta faɗi, musamman a watan Agusta, sai ƙurar ta jiƙe ta zama siririn taɓo. Ka kashe mota ka rufe, wurin ga duhu, ga ɗumi, ga laima, funfuna da ƙwayoyin cuta sun sami abinci da makwanci. Da safe iskar farko da ta ratsa wurin ita ke kwaso warin da ya taru cikin dare. Idan ƙarfen ya yi sanyi sabon ruwa ya lulluɓe shi, sai ruwan da sanyin su danne warin. Da aka kashe kwamfiresa, wato famfon gas ɗin da maɓallin A/C ke kunnawa, ƙarfen ya fara ɗumi ruwan ya fara tashi, sai ya sake shi. Shi ya sa turaren mota da turaren wuta ba sa maganinsa, haka ma ƙara gas. Gas ɗin esi, wato R134a, yana cikin bututu a rufe, ba ruwansa da iskar da kake shaƙa.

Kafin in kwance komai sai da na tabbatar ba wani warin nake ɗora wa ifaporeta ba. Na cusa hannu ƙarƙashin kafet ta gefen fasinja, har can wurin soson da ke ƙasa, domin saman kafet yakan bushe alhali soson yana jiƙe. Idan nan ne tushen, warin ba ya jiran fanka, da ka buɗe ƙofa za ka ji shi. Na duba ruwan lagireto, yana daidai. Da a ce yana raguwa, ga wari mai zaƙi-zaƙi, ga hazo mai maiƙo yana kwanciya a gilashin gaba ta ciki, to hita, wadda ruwan lagireto ke ratsawa, ita ce ke yoyo, kuma wannan aiki ne daban. Warin mushen ɓera shi ma ba ya ɓuya, ba ya lafawa don sanyi ya zo. A wannan motar kafet a bushe take, gilashi garau, saboda haka na ci gaba.

Kayan da na tanada ba su da yawa: sabuwar filtar esi, gwangwanin kumfar wanke ifaporeta mai ɗan dogon tiyo a bakinsa, sukundireba mai kan fulawa, tocila, burushin fenti mai laushi, kwalbar feshi da ruwa mai tsabta kamar lita ɗaya, farar roba ta tarar ruwa, leda da tsummoki. Wajen sayen kumfar a karanta jikin gwangwanin, a ga an rubuta na ifaporetar mota ce kuma ba ta cin alminiyam. Akwai ruwan wanke kwandensa mai kaifi da masu gyaran esin gida ke amfani da shi a waje, wanda ake ɗauraye shi da ruwa mai yawa. Wannan bai dace da cikin dashbod ba, inda ba ka da halin ɗauraya sosai kuma abin da ya rage kai za ka shaƙe shi. Haka bilic da soda, su ma suna cin alminiyam. Fikafikan da bututun sirara ne ƙwarai, idan suka huje ka tashi daga aikin yamma guda ka koma sauke dashbod. Fetur da feshin wanke kafireto kuwa ko kusa kada su je wurin.

Na fara daga waje. A gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa, akwai wata baƙar roba mai raga, ta nan esi yake jan iskar waje. Na ɗaga bonet na kwashe busassun ganyen darbejiya da suka taru a kusurwoyin, na zuba ruwa kaɗan a kowane gefe don in ga yana zurarewa ta bayan tayoyin gaba. Motar da ke kwana ƙarƙashin bishiya takan tara ruɓaɓɓen ganye a nan har ya toshe magudanar, sai iska ta shigo da warinta tun daga bakin ƙofa.

Daga nan sai filta. A wannan ƙirar tana bayan durowar gaban fasinja. Na kwashe kayan ciki, na zare ɗan sandan da ke riƙe durowar ta gefen dama, na matse gefunan biyu zuwa ciki, sai ta sauko gaba ɗaya. A bayanta za ka ga wani siririn murfi a kwance, mai kilif. Na cire shi na jawo filtar a hankali, a miƙe, ba tare da karkata ta ba, domin fanka tana ƙarƙashinta kai tsaye kuma duk abin da ya zube daga samanta cikin fankar zai faɗa. Filtar ta tashi daga fara ta koma ruwan ƙasa, tsakiyarta ta lotsa ƙasa saboda fanka tana jan ta ba ta samun iska, kuma a cikin ninkinta akwai ganye da ɗigo-ɗigon baƙar funfuna. Na ɗaga ta a rana, haske ba ya ratsa ta. Wanda ya buɗe murfin nan a motar hannu kada ya yi mamaki idan ya tarar da wayam. Wani lokaci makanike ne ya ga iska ta yi rauni sai ya zare filtar ya jefar, iska ta dawo na ɗan lokaci, ƙurar kuma ta koma tana sauka kai tsaye a kan ifaporeta.

Ban saka sabuwar ba tukuna, sai an gama wanki. Tsohuwar kuma ban yi ƙoƙarin ceto ta ba. Filtar takarda idan ta sha ruwa ta lalace, idan kuma aka busa ta da iskar injin faci ƙurar sama ce kawai ke tashi, ƙofofinta su yage, funfunar da ta riga ta kama zaren ta zauna daram.

Abu na gaba, wanda a ganina ya fi kumfar kanta muhimmanci, shi ne tiyon zubar da ruwa. Yana fitowa daga gindin akwatin ifaporeta ta gefen ƙafar fasinja, ya huda jikin mota, bakinsa yana kallon ƙasa a bayan inji. Da damina gwajinsa mai sauƙi ne: ka bar mota tana aiki da esi a kunne, a kan iskar waje, minti goma zuwa sha biyar, ka leƙa ƙasa. Ya kamata ka ga ruwa fari tas yana ɗiga a jere. Da hunturu wannan gwajin ba abin dogaro ba ne, domin iskar ba ta da danshin da zai zama ruwa, tiyo lafiyayye ma zai iya ƙin ɗiga. A wannan motar ɗigon ya zo jefi-jefi, alhali ranar akwai laima sosai. Na ɗaga gefen motar na ɗora ta a kan matokari, ban dogara da jak kaɗai ba, kuma na bari salansa ta huce kafin in shiga. Na matsa bakin tiyon da yatsa, sai wani baƙin taɓo ya fito, ruwa ya biyo bayansa, kusan rabin kofi. Wannan ruwan a kwance yake a gindin akwatin dare da rana.

Na ƙarasa buɗe shi da siririyar igiyar roba mai laushi, ina tura ta santimita goma zuwa sha biyar ina jujjuyawa. Waya ko ƙarfen laima ba su dace ba, domin a saman ramin nan gindin ifaporetar yake, tsini ɗaya ya isa ya huda ta. Busa iska mai ƙarfi daga ƙasa ma yana da nasa aibin: yana mayar da taɓon cikin akwati, ya dawo ya toshe bayan kwana biyu, wani lokaci kuma ya fizge tiyon daga mazauninsa ta ciki, ruwa ya koma zuba a kan kafet. Dalilin fara buɗe tiyo kafin wanki shi ne, duk kumfar da za ka fesa ruwa za ta zama, kuma ba ta da wata hanyar fita sai nan. Idan a toshe yake za ta cika akwatin ta malalo cikin mota tare da dattinta.

Akwai hanyoyi uku da ake kai kumfa wurin ifaporeta, kuma ba ɗaya suke ba. Wasu suna cusa tiyon gwangwanin ta ramukan iska na tsakiyar dashbod. Wannan ita ce mafi sauƙi kuma mafi muni. Tsakanin ramukan nan da ifaporeta akwai tazara da ƙofofin da ke karkatar da iska, saboda haka yawancin kumfar a bututu take tsayawa, abin da ya tsiyaya kuma yana iya sauka a kan rediyo ko wayoyin da ke ƙasa. Hanya ta biyu ita ce ta tiyon zubar da ruwa, daga ƙasan mota, a tura kumfar ta cika akwatin daga gindi zuwa sama. Wannan tana aiki idan dattin bai yi kauri ba, kuma ba ta buƙatar kwance komai. Amma datti yana taruwa ne a fuskar da iska ta fara bugawa, wato ta ɓangaren fanka, kuma daga ƙasa ba ka ganin ko kumfar ta kai can. Ni hanya ta uku na bi, ta ɓangaren fanka, inda zan ga abin da nake wankewa.

Na kashe mota, na zare makulli, na cire kan batir na nagetif. A wannan kusurwar akwai soket masu launin rawaya, na jakar iskar hatsari ne, ba a taɓa su. Na kwanta a wurin ƙafar fasinja da tocila. Fanka tana ƙarƙashin inda filta take, sukurori uku ke riƙe da ita. Na zare soket ɗinta, na kwance sukurorin, ta sauko a hannuna. Fikafikanta a jere suke a zagaye, kuma cikin kowane akwai busasshiyar ƙura da ta daskare, ga ganye biyu a tsakiya. Irin wannan ganyen ne ke sa a ji fanka tana kaɗawa idan an kai ta lamba uku ko huɗu. Na goge ta da burushi da ɗanyen tsumma, ina riƙe da ita yadda ruwa ba zai gangara cikin injin lantarkin da ke juya ta ba. Idan ka ga wani ɗan ƙarfe a maƙale a ɗaya daga fikafikan kada ka cire, shi ke daidaita nauyinta don kada ta yi rawa.

Kusa da fankar, a jikin bututun da ke tafiya wajen ifaporeta, akwai rasista, wadda ke rage wa fanka gudu a lamba ɗaya zuwa uku. An dasa ta a nan ne don iska ta riƙa sanyaya ta. Sukurori biyu ne, na kwance na ajiye ta nesa da ruwa. Ramin da ta bari shi ne tagar da na leƙa. Da na haska tocila ta ramin fanka na cusa wayar hannu na ɗauki hoto, sai ga fuskar ifaporetar: rabin sama ana ganin fikafikan ta cikin ƙura mai launin toka, kashi ɗaya cikin uku na ƙasa kuwa ya toshe da baƙin abu mai kama da auduga jiƙaƙƙiya. Abin da na fi dubawa a hoton shi ne maiƙo. Tabo mai sheƙi da ƙura ta manne masa a wuri guda, ko launin kore idan an taɓa zuba wa esin rinin gano yoyo, alama ce gas da mai suna fita ta nan. Ifaporeta mai yoyo ba wanki take so ba, sauyi take so. Wannan ba ta da maiƙo.

Na shimfiɗa leda da tsumma a kan kafet, na toshe hanyar da ke komawa ramin fanka da wani tsumman, na ajiye farar robar a ƙasan tiyo, na buɗe dukkan ƙofofi. Iskar da ke tura kumfar daga gwangwani takan kama da wuta, saboda haka ba inji a kunne, ba sigari, ba walda a kusa. Na girgiza gwangwanin sosai, na tura tiyonsa ta ramin rasista har na ji ya taɓa, sai na ja shi baya kamar faɗin yatsu biyu. Ba a danna shi a jikin fikafikai, lanƙwashewa suke yi su toshe hanyar iska. Na riƙa fesawa daƙiƙa biyar zuwa goma in tsaya, in karkata tiyon sama, in sake, in karkata gefe, har fuskar ta rufe da kumfa. Rabin gwangwani ya tafi a nan. Wanda ya danne kan gwangwani bai ɗaga ba har ya ƙare, kumfar takan kumbura ta fi ƙarfin akwatin, ta haura cikin ƙofofin iska da ƙananan injinan lantarkin da ke juya su a motocin da ke da su.

Sai jira. Kumfar tana buƙatar minti sha biyar zuwa ashirin ta jiƙa taɓon ta narke, kuma kunna fanka kafin lokacin yana tura ta cikin bututu ne kawai ba ta yi aikinta ba. Kafin minti biyar ɗigo ya fara sauka a robar, baƙi ƙirin, da gutsi-gutsin ganye. Ina lura da yawan ruwan da ke fita. Idan ka fesa rabin gwangwani, minti goma suka wuce robar a bushe, to tiyo ya sake toshewa da dattin da ya saki, ka koma ƙasa ka buɗe shi kafin ka ƙara ko ɗigo. Hakan ya faru a nan, ɗigon ya tsaya cak a tsakiya, na matsa bakin tiyon, wani curin ya faɗo, ruwa ya ci gaba. Zagaye na biyu da sauran rabin gwangwanin ya fito da ruwa mai launin shayi.

Yawancin gwangwanayen nan an rubuta ba sai an ɗauraye ba, gumin ifaporetar zai wanke sauran. Da damina haka ne. Amma ga ifaporeta mai datti irin wannan na fi son in ɗauraye, kuma da rani ma dole ne, tunda gumin ba zai zo ba. Na yi amfani da kwalbar feshi ta ramin nan dai, kaɗan-kaɗan, ina bari abin da na zuba ya fita kafin in ƙara, har lita ɗayan ta kusa ƙarewa kuma ruwan robar ya koma fari. Ba a kawo tiyon wankin mota mai ƙarfi nan, yana kwantar da fikafikai kuma yana shigar da ruwa fiye da yadda ɗan tiyon zai iya fitarwa. Hoto na biyu ya nuna alminiyam yana haske daga sama har ƙasa, sai ɗan duhu a kusurwa ɗaya ta can ciki inda tiyon bai kai ba.

Na cire tsumman da na toshe hanya da shi, wanda mantawa da shi a ciki yana kashe iska gaba ɗaya. Na goge cikin gidan fanka ya bushe, na mayar da rasista da fanka, na haɗa soket da batir. Sannan sabuwar filta. A nan ne mutane da yawa ke juya ta. Filtar kamfanin Toyota, wadda lambarta ke farawa da 87139, an rubuta mata UP da kibiya, wannan kibiyar sama take kallo. Filtocin wasu kamfanoni kuwa AIR FLOW ake rubuta musu, kibiyarsu tana nuna inda iska ta nufa, kuma a wannan motar iska daga sama take saukowa zuwa fanka, saboda haka kibiyar ƙasa za ta kalla. A duba kuma ta cika gurbinta. Filtar da ta gaza da ko rabin santimita, iska ta gefenta za ta bi da ƙurarta, don iska hanya mai sauƙi take nema. Na zaɓi mai gawayi, mai launin toka. Tana rage warin hayaƙin da ke shigowa daga waje a cunkoso, amma tana ɗan rage ƙarfin iska, gawayin kuma yana ƙoshi bayan wasu watanni. Ba ta taɓa warin ifaporeta, domin ifaporeta tana bayanta ne a hanyar iska.

Busarwa ta zo ƙarshe. Na tayar da mota, gilasai a sauke, A/C a kashe, fanka a lamba ɗaya na minti biyar don ragowar ruwa ya gangara maimakon ya fantsamo ta ramuka. Sannan na kai ta ƙarshe na minti goma, ina zagaya maɓallin daga fuska zuwa ƙafa. A nan akwai abin lura biyu. Idan ka kai maɓallin wurin gilashin gaba, a motoci da yawa kwamfiresa tana kama aiki da kanta ko da fitilar A/C ba ta kunna ba, sai ka koma jiƙa abin da kake busarwa. Na biyu, murɗa hita zuwa zafi ba ya busar da ifaporeta kai tsaye, domin iska tana ratsa ifaporeta ne kafin ta kai ga hita. Bututun gaba kawai yake busarwa. Idan kana son zafin ya kai gare ta, sai ka ɗaga gilasai ka danna maɓallin juya iskar ciki, iskar da ta yi zafi ta zagayo ta sake shiga ta fanka. Na yi hakan na wasu mintuna ina tsaye a waje, sannan na buɗe ƙofofi tururin ya fita.

Gwajin gaskiya washegari ne da safe, bayan motar ta kwana a rufe, don a ranar wanki ƙamshin kumfar yana rufe komai. Warin bai dawo ba, ko da na kashe A/C na bar fanka. Iska a lamba biyu ta kai ƙarfin da a da sai a lamba uku ake samu, ɗigon ƙasan mota kuma ya zama a jere.

Wankin nan yana da iyaka. Idan taɓon ya shekara da shekaru ya daskare har cikin tsakiyar fikafikai, kumfa saman kawai take ɗauka. Alamarsa ita ce fanka tana ƙara sosai amma iska ba ta fitowa ko da sabuwar filta, ko kuma warin ya dawo cikin mako biyu ko uku alhali tiyo a buɗe yake. Wannan sai an cire gas, an sauke dashbod, an fito da ifaporetar an wanke ta a waje ko an sauya ta, an sa sabbin zobban roba a mahaɗai, an ja iskar cikin bututu da injin zuƙa na aƙalla rabin awa, sannan a zuba gas da awo, daidai nauyin da ke rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. A ƙaramar mota irin wannan nauyin bai kai rabin kilo ba, kuma cika shi fiye da haka rage sanyi yake yi. Aikin mai gyaran esi ne da ke da kayan aiki. A lura kuma da wani abin da ke kama da toshewa: iskar da ke farawa da ƙarfi, ta ragu bayan rabin awa a kan hanya, ta dawo idan an kashe esi na ɗan lokaci. Wannan ƙanƙara ce ke kama ifaporeta, galibi saboda na'urar da ke auna sanyinta ta daina yanke kwamfiresa ko an haɗa kwamfiresar kai tsaye, kuma ruwan da ƙanƙarar ke bari idan ta narke yana ciyar da funfuna.

Abin da ke hana warin dawowa shi ne kada ifaporeta ta kwana a jiƙe. Saura minti uku zuwa biyar a isa gida, a kashe maɓallin A/C, a bar fanka a lamba uku ko huɗu, a kan iskar waje. Warin da wasu ke ji idan sun yi haka, har su daina, na tsohon datti ne, bayan wanki ba ya zuwa. Filta kuwa, littattafan motoci sukan ba ta kilomita 15,000 zuwa 20,000 ko shekara guda, amma wannan lissafin ba na hanyar da ba kwalta ba ne, ba kuma na hunturunmu ba. Ni ina zaro ta duk lokacin sauya baƙin mai in ɗaga ta a rana, kuma ina sa sabuwa a ƙarshen hunturu, wajen watan Maris, kafin ruwan farko ya tarar da ƙurar a ciki. Da damina ta kankama sai a riƙa leƙa ƙasan mota bayan an tsaya. Ranar da aka yi tafiya mai nisa da esi cikin Agusta aka ga ƙasa a bushe, a nemi bakin tiyon nan a matsa shi.